Wace kalmar Hausa za mu sa a madadin "kontent" a takardar yarjejeniya?

Sadiƙu, Jekadafari:
Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ina yi wa wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi a Babbar Kasuwar Gombe aikin shafukanta da wayata, kuma mun yi magana da baki a kan naira 25,000 a wata, zan yi mata "kontent" 12. A ƙarshen watan jiya muka sami saɓani. Na ɗauki bidiyon turmi takwas na sababbin atamfofi, na gyara shi ya zama daƙiƙa 30, na sa shi a Facebook da Instagram da kuma WhatsApp, sai na lissafa uku, ita kuwa ta ce ɗaya ne. Ta kuma yi ƙorafin cewa wata mata ta tambayi farashi da ƙarfe goma na dare, ba a ba ta amsa ba sai washegari, har ta saya a wani wuri, alhali ni ban taɓa ɗaukar amsa saƙo a matsayin aikina ba. Yanzu ina so mu rubuta yarjejeniya da Hausa, domin ita ce Hajiya take karantawa, amma na rasa kalmar da zan sa wa abin da nake yi, da kuma sunan aikin kansa.

Malam Bello, Bolari:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kalmar tana nan tun kafin wayar ta zo. A makaranta muna cewa "ƙunshiya" ga abin da littafi ko darasi ya ƙunsa, kuma ma'anar kalmar Turancin ke nan daidai. Shi kuwa mai aikin, ina ganin "sanƙira" ya dace da shi, tunda sanƙira ne yake ɗaga murya a taro ya isar da magana ga jama'a a madadin wani.

Usman, Tumfure:
Ai an daɗe da gama wannan magana. Gidajen rediyo "kafafen sada zumunta" suke cewa, kowa kuma ya saba da ita.

A'isha, Bauchi:
Malam Usman, ba sunan dandalin ake nema ba, sunan abin da ake ɗorawa a kansa ake nema. Allah ya gafarta Malam Bello, "ƙunshiya" ta fassara kalmar, amma ba za ta raba wannan gardama ba, domin ba a ƙirga ta. Idan Sadiƙu ya rubuta "ƙunshiya 12", Hajiya za ta sake tambayarsa ko bidiyon nan ɗaya ne ko uku.

Shekara uku nake wannan sana'a da masu turaren wuta da masu ɗinki, kuma abin da na gane shi ne kalmar Turancin ta haɗiye ayyuka biyu da wahalarsu ba ɗaya ba ce. Na farko ina kiransa "haɗi". A nan ne za ka je shago da hantsi ka fito da atamfa bakin ƙofa, saboda hasken ƙwan lantarki yana sauya launi, shuɗi ya koma wani abu dabam, mai saye ya karɓi kaya ya ce ba shi ya gani ba. Za ka riƙe wayar a tsaye domin hoton ya cika fuskar waya, ka sa a warware turmin a ga zanen da kyau, sannan ka zauna da manhajar gyaran bidiyo ta CapCut ka yanke, ka rubuta farashi da lambar shago. Bidiyon daƙiƙa 30 yakan ci mini kusan awa biyu. Na biyu shi ne "ɗori", wato sa abin da aka riga aka haɗa a wani shafi, wanda bai wuce minti biyar ba, kuma da manhajar kula da shafuka ta Meta Business Suite kana iya tsara na Facebook da Instagram a zama ɗaya, kowanne ya fita a lokacin da ka zaɓa.

Saboda haka, ƙanena, haɗi ɗaya ka yi da ɗori uku, kuma a wannan lissafin Hajiya ta fi ka gaskiya, ko da yake ban ji daɗin faɗa maka ba. Ka rubuta haka: "Haɗi 12 a wata, bidiyo 4 da hoto 8, kowanne za a ɗora shi a shafuka uku." Na WhatsApp kuwa ka ware shi, tunda abin da aka sa a Status yana ɓacewa bayan awa 24, dole a riƙa maimaita shi. Jimlar abubuwan duka ina ce musu "kayan shafi", kamar yadda ake cewa kayan shago.

Malam Bello, Bolari:
Na yarda da "haɗi" da "kayan shafi", 'yata, domin duk ɗan kasuwa zai gane su ba tare da an yi masa bayani ba. "Ɗori" ne ban gamsu da shi ba, saboda Bahaushe idan ya ji ɗori, karaya ce take fara zuwa masa a rai. 'Yan jarida suna cewa wane ya wallafa a shafinsa, me zai hana mu ce "wallafa"?

Hajiya Ladi, Herwagana:
Ni ban san fassara ba, amma ina da abin faɗa. Wani yaro ya buɗe mini shafin kayan kicin da lambarsa, muka yi shekara muna aiki har masu bibiya suka taru, da muka rabu sai ya tafi da shafin, ni kuwa ko shiga ba na iya yi. Duk sunan da za ku ba mai wannan aiki, ku ba shi wanda zai nuna cewa shafin ba nasa ba ne.

A'isha, Bauchi:
Hajiya Ladi, maganarki ce ta sa ba na son a kira mai aikin "manaja", kuma ita ce ta sa "sanƙira" bai isa ba, domin sanƙira yana shela ne ya tafi, ba ya zama ya amsa wa mai tambayar farashi. Ba dillali ba ne kuma, tunda dillali la'ada yake karɓa a kan abin da aka sayar, mu kuwa kuɗin wata muke karɓa. Abin da ya fi kusa shi ne mai jiran shago: an ba shi amana, yana karɓar masu saye, amma shagon na maigidansa ne. Don haka nake raba "mai haɗa kayan shafi" da "mai jiran shafi", kowanne da kuɗinsa.

Sadiƙu, a maganar saƙon dare gaskiya tana wajenka, domin haɗi aka ɗauke ka yi, ba jira ba. Idan Hajiya tana son jiran, a rubuta lokacinsa, misali daga ƙarfe tara na safe zuwa tara na dare, a kuma rubuta cewa za ta sanar da kai duk lokacin da farashi ya sauya ko wani zane ya ƙare, domin babu abin da yake zubar da mutuncin shafi kamar a ce wa mutum akwai, ya turo kuɗi, sannan a ce babu. Shafin kuma a buɗe shi da lambarta da asusunta, ita ta ƙara ka ta wurin Page access, wato inda Facebook yake ba mai shafi damar ƙara wanda zai taya shi aiki, ba tare da ta ba ka cikakken iko ba, yadda ranar da kuka rabu za ta cire ka kawai, kayanta na nan.

Sadiƙu, Jekadafari:
Na gode, Yaya A'isha. Na karanta wa Hajiya da yammacin nan a shago, ta amince da "haɗi 12", kuma muna kan maganar abin da za ta ƙara na jiran shafi. Da na zo kan "wallafa" sai ta tambaye ni ko littafi za mu buga, da na ce "ɗori" kuwa ta gane nan take, domin ita ma "ka ɗora mini" take cewa kullum.

Malam Bello, Bolari:
"Ɗora" ba ni da ja a kanta, sunan da aka ciro daga gare ta ne har yanzu bai kwanta mini ba. Ka rubuta "za a ɗora" a takardarka, ni kuma zan tambayi abokan aikina ko suna da wadda ta fi.