Rabin kwanakin wata sun ƙi jeruwa: ISNUMBER na cewa TRUE a wasu, FALSE a wasu

Binta: Salamu alaikum. Akwai fayil na CSV na cinikin watan Mayu 2024, layi 300. Da aka buɗe shi a Excel, wasu kwanakin sun koma dama, wasu sun maƙale a hagu. ISNUMBER ta ba 05/06/2024 TRUE, ta ba 13/05/2024 FALSE. Ai duka kwanan wata ne, me ya raba su? Duk wanda ya taɓa gamuwa da wannan ya taimaka.

Malam Habu: Wa'alaikumus salam. A wurin Excel kwanan wata lamba ce da aka sa wa riga. Yana ƙirga ranaku daga 1 ga Janairu 1900, don haka 13 ga Mayu 2024 a cikinsa 45425 ne. Shi ya sa duk kwanan wata na gaskiya ISNUMBER za ta ce TRUE, wanda ya zama rubutu kuma ISTEXT ce za ta ce TRUE.

Kwamfutar taki a tsarin Amurka take, wata kafin rana. Da Excel ya ga 13/05/2024 sai ya nemi wata na 13, bai samu ba, ya bar shi a rubutu. Waɗannan ba su ne abin tsoro ba, tunda sun tona kansu. Masu TRUE ɗin ne matsalar. Tunda kin ce cinikin Mayu ne, wanda kike gani 05/06/2024 ki duba asalin fayil ɗin da Notepad. In can ma haka yake, 6 ga Mayu ne a tsarin Amurka, ko 5 ga Yuni a namu. Duk ranar da ba ta wuce 12 ba Excel zai juya ta shiru, rana ta koma wata. In dai kin tabbata rana ce farko a duk fayil ɗin, sa wannan a B2 ki ja ƙasa:

```
=IF(ISNUMBER(A2),DATE(YEAR(A2),DAY(A2),MONTH(A2)),DATE(RIGHT(A2,4),MID(A2,4,2),LEFT(A2,2)))
```

Reshen farko yana mayar da wanda aka juya, na biyu yana gina kwana daga rubutu. Na biyun yana buƙatar rana da wata su zama lamba biyu-biyu. 13/5/2024 zai ba ki #VALUE!.

Sadiƙu: Ni dai abin da nake yi shi ne in zaɓi jerin duka, in shiga Format Cells in mai da shi Date. Shi ke nan.

Malam Habu: Sadiƙu, rigar kawai ka canza. Gwada ISTEXT bayan haka, za ka ga har yanzu TRUE ne. Amma dabararka tana da amfani ta wata fuska: mai da jerin General, na gaskiya za su zama lambobi irin 45425, na rubutu ba za su motsa ba.

Maman Hanif: Nawa a kuɗi ne. SUM ya ba ni jimillar da ta gaza da naira 18,500, kuma ga 18500 ɗin a fili cikin akwati. ISTEXT ta ce TRUE. Na sa TRIM bai gyaru ba, VALUE kuma ta ba da kuskure. Ashe daga shafin intanet aka kwafo, akwai ɓoyayyen fili a ƙarshe wanda TRIM ba ta cirewa. LEN ce ta tona, ta nuna 6 maimakon 5. Wannan ya gyara:

```
=VALUE(SUBSTITUTE(C2,CHAR(160),""))
```

Yanzu kafin in yarda da jimilla sai na kwatanta COUNT da COUNTA. In ba su zo ɗaya ba, akwai abin da ba lamba ba a ciki.

Nura: Kada a ce komai sai ya zama lamba fa. Lambar waya da ta asusun banki, ISTEXT ya kamata ta ce TRUE. Da ka mai da su lamba sifilin farko ya tafi.

Binta: Na gode Malam, fomular ta yi. To in ISNUMBER ta ce TRUE, ta yaya zan san kwanan wata ne ba kuɗi ba?

Sadiƙu: =CELL("format",A2) mana. In amsar ta fara da D, kwanan wata ne.

Malam Habu: Tana aiki, amma ita ma rigar take dubawa, kuma lokaci irin 8:30 ma da D yake farawa. Ni iyaka nake sawa:

```
=AND(ISNUMBER(A2),A2>=DATE(2024,1,1),A2<=DATE(2024,12,31))
```

Sai dai cinikin naira 45,425 ma zai tsallake wannan, domin a wurin Excel shi da 13 ga Mayu abu ɗaya ne. Google Sheets na da ISDATE, Excel ba shi da ita a cikin fomulolinsa.

Maman Hanif: Ƙari kaɗan, Binta. Akwatin da babu komai, ISNUMBER da ISTEXT duka FALSE za su ce. Amma wanda fomula ta mayar da "" ISTEXT za ta ce TRUE ko da ido bai ga komai ba.

Binta: Akwai layi biyu da suka rage, 03/04/2024 da 04/03/2024, kuma ba na Mayu ba ne ta kowace fuska. Sai na tambayi mai shagon.