Na sa sabon ƙwan fitila, amma dim ya ƙi kamawa

Assalamu alaikum. Don Allah masana wayarin mota ku taimaka min. Fitilar gaba ta ɓangaren direba ce ta daina kama dim, amma ful yana kamawa lafiya lau. Na sayo sabon ƙwai H4, mai 60/55W, na sa ba tare da na taɓa gilashinsa ba, duk da haka shiru. Da na mayar da shi ɗaya ɓangaren, dim da ful duk suka kama, ke nan ƙwan lafiyarsa ƙalau.

Na buɗe akwatin fiyus na cikin bonet, na zare na wannan fitilar mai 10A. Wayar cikinsa ba ta tsinke ba, amma na canza shi. Rile ma na musanya da na hon, tunda lambarsu ɗaya, kuma ina jin ƙarar "ƙas" idan na kunna.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne soket ɗin. Ɗaya daga cikin ramukansa uku ya yi baƙi, robar wajen ta ɗan narke, yana warin ƙuna. Wannan kaɗai zai iya kashe dim ya bar ful? In yanke soket ɗin in sa sabo, ko in fara auna wuta da mita? A wace waya zan nemi 12V? Da asuba nake fita aiki, tuƙi da fitila ɗaya yana ba ni tsoro.