Ina ake ajiye "habe" bayan "weil" a Jamusanci?

Ɗalibar B1: Assalamu alaikum. Ina koyon Jamusanci a matakin B1. Na rubuta "weil ich arbeiten gemusst habe" a aikin gida, malaminmu ya ja layi a ƙarƙashinsa, alhali shi ne ya koya mana cewa bayan weil, dass da wenn, aikatau mai sauya siffa da aikau yana komawa ƙarshen ganga. Wace shawara za ku ba ni?

Mai koyo a Zariya: Wa alaikumus salam. Wannan doka ba ta da togaciya, don haka habe yana inda ya kamata. Ki sake tuntuɓarsa.

Malama: Dokar tana aiki a mafi yawan lokuta, ƙanena, amma ba a nan ba. "Ich muss arbeiten" tana zama "weil ich arbeiten muss", haka nan "Ich habe den Brief geschrieben" tana zama "dass ich den Brief geschrieben habe". Matsalar tana tasowa ne idan müssen ko können ya haɗu da haben alhali akwai wani aikatau tare da shi. A nan ba a cewa gemusst, sai müssen, kuma habe yana barin ƙarshe ya dawo gaban aikatau biyun: "weil ich habe arbeiten müssen". Idan akwai karɓau, shi ne ke zuwa kafin habe: "weil ich den Brief habe schreiben müssen".

Mazaunin Hamburg: A wurin aikinmu kullum ina jin "weil ich hab keine Zeit". Da na kwaikwayi hakan a jarrabawar rubutu, sai da ya ci mini maki, domin abin da baki ke yafewa takarda ba ta yafe shi. Tun daga lokacin, idan na ji jimla za ta rikice mini, sai in sa denn, tunda shi ba ya tura aikatau ƙarshe.

Malama: Denn yana fitar da mutum a wurin weil kaɗai, Alhaji, ba ya maye gurbin dass ko ob. Shawarata gare ki, 'yar'uwa, ki rubuta "weil ich arbeiten musste", domin ya fi sauƙi, kuma Jamusawa da yawa shi suka fi amfani da shi. Sai dai ki haddace "dass ich hätte kommen sollen", saboda wannan ba shi da hanyar kaucewa.

Mai koyo a Zariya: To, amma na taɓa karanta "weil er das nicht gekonnt hat".

Malama: Daidai ne, domin a can können yana tsaye shi kaɗai, babu aikatau na biyu.

Ɗalibar B1: Na gode, Malama. Shin lassen da sehen ma haka suke tafiya?

Mazaunin Hamburg: Na sha jin "weil ich das Auto habe reparieren lassen". Game da sehen kuwa, bari mu jira Malama ta dawo.