Yadda kuke tsamo ayyuka daga rahoton taro mai tsawo

Sabon Sakatare: Assalamu alaikum. An ba ni sakataren kwamitin iyaye na Islamiyyar unguwarmu, kuma rahoton zaman da ya wuce shafi huɗu ne, duk wanda ya yi tari an rubuta. Shugaba yana son takarda guda mai nuna aiki, mai yinsa da ranar gamawa. Ga ɗanɗano: "Aka koma maganar famfo. Alhaji ya ce tun bara yake faɗa. An amince za a nemo mai gyara a ji farashi, ma'aji kuma zai duba abin da ya rage a asusu kafin zama na gaba. Wasu sun ce ya kamata a sa tanki." Ta ina zan fara?

Tsohon Akawu: Wa alaikumus salam, ɗana. Ɗauki biro ja ka karanta rahoton, kada ka kula da wanda ya yi magana, ka ja layi kawai a ƙarƙashin "an amince", "za a", "zai" da "an ɗora wa". A sakin layin nan naka ayyuka biyu ne. Na ma'aji cikakke ne: akwai mutum, akwai lokaci, sai dai ka cire "zama na gaba" ka rubuta ainihin kwanan watan. Na mai gyara kuwa maraya ne. "Za a nemo", wa zai nemo? Kowa ya tashi daga taron yana zaton wani ne. Kada ka zaɓi mutum da kanka, domin ba hurumin sakatare ba ne. Rubuta "ba a sa kowa ba", ka kira shugaba yau ɗin nan ya ba ka suna ɗaya da rana. Suna ɗaya nake nufi, ko da kwamitin mutum biyar aka ba, sai an san wanda za a tambaya. Maganar tanki ra'ayi ce, ba a yanke komai ba, wurinta ajandar zama mai zuwa. Ƙorafin Alhaji ya zauna a rahoto.

Uwar Biyu: A ƙungiyarmu ta mata da waya muke naɗar zaman gaba ɗaya, babu mai musu daga baya. Ka gwada.

Sabon Sakatare: Na gode Hajiya, amma rubutun ma yawa ya yi mini. Tacewa nake nema.

Malamin Firamare: Ni kwanan wata ne ya fi ba ni wahala. Rahoton taron malamai cike yake da "bayan Sallah", "kafin damina", "nan ba da jimawa ba". Idan an ce nan da mako biyu a zaman 4 ga wata, 18 ga wata nake rubutawa, daga ranar taro ake ƙirge, ba daga ranar da na buga rahoton ba. "Bayan Sallah" kuwa sai na tambaya: wace Sallar, kuma kwana nawa bayanta? Tunda ranar ta dogara da ganin wata, gara a tsayar da rana ta kalandar boko. A Google Sheets nake ajiye nawa: A lamba, B aiki, C mai aiki, D rana, E matsayi, sai wannan a F:

```
=IF(AND(D2<>"",D2<TODAY(),E2<>"An gama"),"Ya wuce lokaci","")
```

Ɗan Kwari: Malam, na kwafa, ban ga ya nuna komai ba, alhali akwai aikin da ya wuce wata guda. Lissafin nan bai yi ba.

Malamin Firamare: Duba gidan D. In kwanan watan ya jingina hagu, manhajar ta ɗauke shi a matsayin rubutu, shi ya sa ba ta gwada shi da yau. Na gaskiya dama yake jingina. Sannan in saitin na Amurka ne, 3/4 zai zama 4 ga Maris, ba 3 ga Afrilu ba. Shiga File, Settings, ka mayar da Locale zuwa United Kingdom, ka sake shigar da ranakun.

Uwar Biyu: To ni ina da tambaya. Idan aikin na Liman ne ko mai unguwa, haka za ku tura takarda zauren WhatsApp da "ya wuce lokaci" a gaban sunansa? Wallahi a wurinmu rigima ce.

Tsohon Akawu: Gaskiyarki, Hajiya. Ni nakan sa sunan matashin da zai je ya tuna wa babba, shi ne mai aikin a takarda. Kuma ba na rubuta sunan wanda bai halarci taro ba sai an kira shi ya ce ya karɓa.

Malamin Firamare: Baba, a nan kam ban yarda ba. In yaron ya je sau uku ba a yi ba, shi ne zai ɗauki laifin da ba nasa ba. Ni sunan babban nake bari, sai in ɓoye gidan F kafin in tura.

Sabon Sakatare: Na tace shafi huɗun, ayyuka bakwai suka fito, uku ba su da mai yi. Na kira shugaba, ya ba ni sunaye biyu. Na mai gyaran famfo ya ce a bari sai ma'aji ya faɗi abin da ke asusu. In sa rana ko in bar gidan babu komai?