Na faɗi da babur a farkon yayyafi: ina so in san kuskurena

Sabitu:
Assalamu alaikum. Makon jiya na faɗi da babur, kuma har yanzu ban gane ainihin abin da ya kayar da ni ba. Ina tafiya a kan miƙaƙƙiyar kwalta da gudun da bai wuce kilomita 50 a awa ba, yayyafi ya fara sauka ke nan bayan kusan makonni uku ba a yi ruwa ba, sai motar da ke gabana ta taka birki ba zato. Na damƙe birkin hannu, tayar gaba ta zame gefe, ban ankara ba sai na ji ni a ƙasa. Alhamdu lillahi, hular kwano ta tare mini kai, ƙujewar gwiwa kawai na samu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne na sha yin tafiya cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya ban taɓa faɗuwa ba, amma ɗan yayyafin da bai ko jiƙa mini riga ba ya kayar da ni.

Malam Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara sauƙi, Malam Sabitu. Na shekara fiye da ashirin a kan babur, kuma faɗuwa biyu daga cikin ukun da na taɓa yi a irin wannan yayyafin suka same ni. Idan aka daɗe ba a yi ruwa ba, baƙin mai da ke ɗiga daga motoci da ƙura da garin roba suna taruwa a kan kwalta. Yayyafin farko ba ya da ƙarfin wanke su, sai dai ya taso da su su zama kamar sabulu, alhali ruwa mai ƙarfi yana share su idan ya ɗan jima yana zuba. Wuri mafi muni shi ne tsakiyar layi, musamman inda motoci ke tsayawa, domin a nan injina ke ɗigar da mai.

Bari mu yi lissafin abin da ya same ka. A gudun 50 kana cinye kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, don haka kafin hannunka ya kai ga birki ka riga ka ci wajen mita 14. A busasshiyar kwalta, da taya mai kyau, birkin kansa zai buƙaci wasu mita 14 ko makamancin haka. A jiƙaƙƙiya kuwa yana iya kaiwa mita 25, a kan maiƙo ma ya zarce haka. Ke nan kana bukatar kusan mita 40 kafin ka tsaya. Ina so ka gaya mana tazarar da ka bari tsakaninka da motar.

Sabitu:
Gaskiyar magana, ba ta wuce tsawon motoci biyu ba, Malam.

Malam Ɗanjuma:
To, wannan wajen mita 10 ne, bai ma kai abin da kake cinyewa kafin ka taɓa birki ba, shi ya sa tsoro ya sa ka damƙe shi gaba ɗaya. Ni idan ana ruwa nakan lura da lokacin da motar gaba ta wuce wani turken wuta, sannan in ƙirga daƙiƙa huɗu kafin in iso wurin, maimakon biyun da nake bari a rani. Rage gudu kuma yana da riba fiye da yadda ake zato, domin idan gudu ya ninka, nisan birki sau huɗu yake ƙaruwa. Da a kan 35 kake, mita 25 ɗin nan da ta sauko zuwa kusan 12.

Haruna:
Ni dai a nawa ganin, birkin hannu ne ya ci amanarka. Tun da na taɓa faɗuwa a kwana na daina taɓa shi idan ana ruwa, birkin ƙafa kawai nake takawa, kuma nakan rage wa tayoyina iska kaɗan domin su ƙara kama ƙasa. Shekara huɗu ke nan ban sake faɗuwa ba.

Malam Ɗanjuma:
Malam Haruna, ka yi gaskiya cewa zamewar tayar gaba ta fi haɗari, domin ta baya idan ta zame mutum yana iya tare babur ɗin, ta gaba kuwa ba ta ba da lokaci. Amma yawancin ƙarfin tsayawa a gaba yake, saboda nauyi can yake komawa idan an kama birki, kuma wanda ya dogara da ƙafa kaɗai nisan tsayawarsa zai yi tsawo ƙwarai ranar da yaro ya faɗo titi. Yadda nake yi shi ne in saki totur, in ɗan matsa birkin hannu a hankali har in ji gaban babur ya sunkuya, sannan in ƙara matsawa tare da taka na ƙafa, duk wannan kuma babur yana a miƙe, kafin shiga kwana. Batun rage iska kuwa ban yarda da shi ba. Zanen taya shi ne magudanar da ke fitar da ruwa, kuma idan iska ta yi ƙasa zanen yana matsewa, tayar kuma ta riƙa lilo a kwana. Gara ka bar ta a awon da kamfani ya rubuta.

Haruna:
Na karɓi maganar iska, zan gwada. Amma birkin hannu sai na ga an yi a gabana tukuna, domin hannun wanda ya firgita ba ya sanin a hankali.

Malama Rakiya:
Ni ƙaramin babur nake hawa zuwa wurin aiki, kuma abin da ya same ni ya sha bamban da naku. Na ratsa ruwan da ya kwanta ya kusa kai cibiyar taya, da na fito na taka birki sai na ji kamar babu shi. Birkina na baya irin na rufe ne mai takalmi a ciki, ruwa ya shige shi. Bakanike ya koya mini in riƙa ɗan taka shi ina tafiya a hankali bayan na fito daga ruwa, har sai ya bushe ya fara kamawa. Shi ne kuma ya nuna mini lambobi huɗu da ke gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Tawa tana ɗauke da 2317, wato mako na 23 a shekarar 2017. Zanenta bai suɗe ba, amma robar ta ƙandare har ta fara tsattsagewa, ashe shi ya sa take zamewa duk lokacin da na hau farin fentin titi ko murfin ƙarfe na magudana.

Bala:
Ni matsalata babur ɗina mutuwa yake yi da zarar ruwa ya yi ƙarfi, sai na goge fulogi yake tashi. Ko wani ya san maganin wannan?

Malama Rakiya:
Malam Bala, wannan batun wuta ne, ka sa a duba maka hular fulogin ko ta tsage. Malam Sabitu, kai ma ka duba tayarka ta gaba. A cikin ramin zanen akwai wasu 'yan tudu ƙanana, idan fuskar taya ta yi daidai da su to ta gama aiki.

Sabitu:
Na duba yanzu da fitila. A tsakiya tudun sun yi daidai da fuskar tayar, gefe ne kawai yake da sauran zane, lambar kuma ta nuna shekarar 2020. Gobe zan canza ta, in Allah Ya yarda. Malam Haruna, idan gwiwata ta warke zan nemi fili marar motoci bayan an yi ruwa, in gwada tsayawa daga gudun 20 da ƙafa kaɗai, sannan da hannu da ƙafa tare, in auna da taku in faɗa maka abin da na samu.