Man injin da ba a saurin juye shi, me za mu kira shi da Hausa?

Manajan motoci: Salam jama'a. Tireloli 12 nake kula da su, Kano zuwa Legas. Ana ta tallata min man nan da Turawa ke ce wa ekstended diren, zan rubuta wa Alhaji bayani amma na rasa sunansa da Hausa. Lissafina dai: kowace mota tana cin kilomita 120,000 a shekara, da baƙin mai na gama-gari muna juye duk 10,000, sau 12 kenan, wannan kuma an ce zai kai 30,000, sau 4 kawai. Juye 96 zan huta da shi a shekara, kuma kowane juye mota sai ta yi rabin yini a gareji ga kuɗin yara. Ni dai "mai dogon zango" nake gani.

Direba: Oga ai shi ne sintetik, a bar shi haka mana.

Tsohon bakanike: A'a ɗana, yawancinsa sintetik ne amma ba kowane sintetik ke kai wannan nisan ba. Abin da ke riƙe shi sinadaran da aka zuba ne masu kashe tsamin da ƙonewar gas ke haifarwa da masu riƙe baƙin hayaƙi kada ya dunƙule, in suka ƙare toh man ya mutu ko da a ido yana da kyau. Dogon zango kuma ban so shi ba, direba zai ɗauka man doguwar tafiya ake nufi. Ku ce "mai jinkirin juye".

Mai tifa: Ni wallahi jinkirin nan ne ya ci min inji. Na bi abin da ke jikin jarka, tifa tana ɗibar yashi cikin hunturu, kafin 25,000 ta fara hayaƙi tana shan mai, da aka buɗe ringi duk sun cinye, ashe robar da ke bayan filtar iska ce ta tsage ƙura na shiga.

Tsohon bakanike: Kaga abin kenan, ba man da ke narkar da yashi, juye da wuri ne ke fitar da shi. Manaja, ka fara da mota biyu, a ɗebi man a 15,000 a kai gwaji. In silikon ya hau ƙura ce, in ƙarfe ya hau inji na cin kansa, in TBN, wato ma'aunin sinadaran kashe tsamin da suka rage a man, ya faɗi zuwa rabin na sabon mai a juye. Kuma ka ƙirga awannin da mota ke silo a layin lodi a Apapa, mita ba ta motsi amma mai na tsufa.

Malama: Baba, jinkiri kamar sakaci yake nunawa. Me zai hana "mai dogon wa'adi"? Wa'adi ai yana cika.

Manajan motoci: Wa'adin ya kwanta min Malama, shi zan rubuta. Baba, filtar mai fa, ita ma sai 30,000 ko a canja ta a tsakiya?