Taki ba ya ƙara dankali? Gardama a zauren ɗaliban noma na Jos

Ladi: Jama'a, na auna gonakin dankalin Turawa 22 a Bokkos, buhunan taki da buhunan amfani a kowace hekta. Na sa manhajar lissafi ta SPSS ta ja layin dangantakarsu, ta ba ni B = 6, Std. Error = 4, t = 1.5, Sig. = .149. Zan rubuta cewa taki ba ya tasiri. Akwai mai ja?

Auwal: Ba ja. Tunda p, wato Sig. ɗin, ta haura 0.05 magana ta ƙare, layin a kwance yake.

Malam Sani: Ni ina ja. Ladi, 6 ɗin nan na nufin duk buhun taki ɗaya da aka ƙara, dankali na ƙaruwa da buhu shida a lissafinki. An raba 6 da kuskuren, wato 4, aka sami t. Gona 22 a cire 2 saura 20, kuma a layi na 20 na teburin t sai t ta kai 2.086 ake cewa gangaren layin, wato B, ya bambanta da sifili. T ɗinki ba ta kai ba, gaskiya ne. Amma ninka 2.086 da 4, ki cire daga 6, ki kuma ƙara a kai: daga -2.3 zuwa 14.3. Sifili na ciki, buhu 14 ma na ciki. Da wane baki za ki ce babu tasiri?

Danjuma: Kai, a gonar babana ko makaho ya laluba ya san inda aka zuba taki. Ai .149 na nufin kashi 15 ne kacal yiwuwar taki bai aiki.

Malam Sani: A'a Danjuma. Ma'anarta, da a ce taki ba ya komai, kusan sau 15 cikin 100 za a sami t mai nisan wannan daga sifili, ta sama ko ta ƙasa, don sa'a kawai.

Auwal: To ta ƙaro gonaki mana, Malam.

Malam Sani: Zai taimaka, amma kafin 4 ɗin ta koma 2 sai gona wajen 88. Ladi, buhu nawa manoman suka zuba?

Ladi: Kusan duka biyu zuwa uku ne, Malam. Taki ya yi tsada.

Malam Sani: Yawwa, ga inda gizo ke saƙa. Kowa ya cunkushe wuri ɗaya, layin bai da wurin dafawa. Da tazarar takin ta ninka biyu, da gona 22 ɗin nan kuskuren zai sauko 2, t ta zama 3 in gangaren bai sauya ba. Sai dai ki zana ɗigon ki duba, don taki in ya yi yawa layin lanƙwashewa yake, gwajin kuma miƙaƙƙen layi ya sani.

Ladi: Gona uku cutar ganye ta cinye su. In cire su?

Auwal: Cire, p za ta sauko.

Malam Sani: In don p ta sauko ne, kar ki taɓa. Ki nuna sakamakon da su, da kuma ba su, ki faɗi dalili.

Auwal: Ni dai mai duba aikina Sig. kawai yake kallo.

Ladi: Nawa ma haka. Gobe zan kai masa -2.3 zuwa 14.3 ɗin in ji me zai ce.